Kuɗin da ke cikin kes ba riba ba ne: yadda ƙungiya za ta fitar da lissafinta na ƙarshen shekara

Jama'a, lokacin babban taron ƙarshen shekara ya zo ga ƙungiyoyi da dama, tun daga na matasan unguwa har na mata da na tsofaffin ɗaliban lekkol. A irin wannan zama mun san yadda abin yake tafiya. Ma'aji ya miƙe da littafinsa, ya karanta abin da ya shigo da abin da ya fita, ya faɗi abin da ya rage cikin kes, a tafa masa. Daga nan sai wani ya ɗaga hannu ya ce tunda an ci riba, a raba. Nan ne rigima ke farawa, kuma wata rigimar ba ta ƙarewa sai ƙungiya ta watse.

Abin da muke so mu bayyana yau shi ne, littafin ma'aji yana iya zama daidai, ba a ci ko dala ɗaya ba, amma duk da haka bai faɗi ko ƙungiya ta ci gaba ko ta koma baya ba. Domin a san wannan, sai an fitar da wasu takardu biyu daga cikinsa. Ta farko ita ce lissafin samu da kashewa na shekara, ta biyu ita ce bilan, wato takardar da ke nuna dukiyar ƙungiya da bashin da ke kanta a ranar ƙarshe ta shekara. Za mu bi hanyar da misali guda wanda mu muka tsara shi, kuma duk lissafin da jika za mu yi shi, jika ɗaya tana CFA 1.000 kamar yadda muka saba.

Littafin ma'aji, kamar yadda yake

Mu ɗauki ƙungiyar matasan wata unguwa mai mambobi 60. Kowa yana zuba kotizasiyon jika ɗaya a wata, wato jika 12 a shekara. Suna da kujerun roba da tantuna da suke bayarwa haya wajen biki da suna, suna hayar ɗaki guda na ajiya da taro, kuma suna da mai gadi. Ga abin da ma'aji ya karanta na shekara, daga 1 ga Janairu zuwa 31 ga Disamba.

Abin da ya shigo:
Ragowar bara cikin kes: jika 150
Kotizasiyon: jika 690
Hayar kujeru da tantuna: jika 260
Tikitin wasan salla: jika 180
Rance daga wani dattijon unguwa: jika 100
Jimla: miliyan 1 da jika 380

Abin da ya fita:
Hayar ɗaki: jika 195
Albashin mai gadi: jika 220
Wuta da ruwa: jika 72
Hidimar wasan salla: jika 130
Gudummawar suna, aure da rasuwa: jika 210
Sabbin kujeru 50: jika 250
Jimla: miliyan 1 da jika 77

Idan aka cire na biyu daga na farko, jika 303 suka rage. An buɗe kes an ƙirga, ga su nan cif. Wani mamba ya yi lissafi da sauri ya ce mutum 60 sau jika biyar jika 300 ke nan, a ba kowa jika biyar. To, kafin a ce e ko a'a, mu duba abin da littafin nan bai faɗa ba.

Littafin kes tambaya ɗaya kawai yake amsawa: yaushe kuɗi suka taɓa hannun ma'aji? Ba ruwansa da ko kuɗin na bana ne, na bara ne ko na baɗi. Ba ruwansa da ko kyauta ce ko rance. Kuma abin da bai bi ta hannun ma'aji ba, kamar bashin da ba a biya ba ko kujerar da ta tsufa, littafin bai san da shi ba sam.

Mataki na farko: ina muka tsaya a farkon shekara?

Mutane da yawa suna tsallake wannan mataki, shi ya sa bilan ɗinsu ba ya daidaita. Kafin a taɓa lissafin bana, sai a rubuta abin da ƙungiya ta mallaka ranar 1 ga Janairu da abin da ake bin ta.

A misalinmu, ranar nan akwai jika 150 cikin kes. Akwai tsofaffin kujeru da tantuna da aka saya jika 500 shekara guda da ta wuce, waɗanda darajarsu ta sauko zuwa jika 400. Akwai kuma mambobi da ba su cika kotizasiyon ɗin bara ba, ana bin su jika 48. Duka sun kama jika 598. A ɗaya gefen, mai ɗaki yana bin ƙungiya hayar Disambar bara, jika 15. Idan aka cire, saura jika 583. Wannan shi ne tushen dukiyar ƙungiya, abin da ta tara tun kafuwarta. A ajiye adadin nan gefe, za mu dawo gare shi a ƙarshe.

Mataki na biyu: a ware abin da ba samu ba ne, ba kashewa ba ne

Akwai layuka uku a littafin ma'aji da ba su da wuri cikin lissafin samu da kashewa.

Na farko, ragowar bara, jika 150. Wannan ba bana aka same su ba, mun riga mun ƙirga su cikin tushen dukiya.

Na biyu, rancen jika 100. Kuɗin sun shigo kes, gaskiya ne, amma na dattijo ne kuma yana jiran abinsa. Wurinsu cikin bilan, ɓangaren bashi.

Na uku, jika 250 na sabbin kujeru. Kuɗin sun fita, amma ba su ƙone kamar kuɗin wuta ba. Sun rikiɗe sun zama kujeru, kuma kujerun suna nan cikin ɗaki, za su yi aiki shekaru. Su ma wurinsu cikin bilan, ɓangaren dukiya. Ma'aunin da za a riƙe shi ne wannan: abin da aka saya amfaninsa ya ƙare cikin shekara, kashewa ne. Abin da zai wuce shekara yana aiki, dukiya ne. Gyaran ƙafar kujera kashewa ne, sayen sabuwa dukiya ne.

Mataki na uku: kotizasiyon, inda aikin ya fi yawa

Ma'aji ya ce ya karɓi jika 690. Amma sai an buɗe littafin mambobi, suna bayan suna, kafin a san kuɗin wace shekara ce. Da aka duba, an tarar cikin jika 690 ɗin nan akwai jika 36 na bashin bara da wasu suka biya bana. Akwai kuma jika 24 na mambobi biyu da za su tafi ci-rani, suka biya na baɗi gaba ɗaya tun yanzu. Idan aka cire waɗannan biyu, abin da aka karɓa na bana zalla jika 630 ne.

Amma abin da ya kamata a karɓa, mutum 60 sau jika 12, jika 720 ne. Ke nan akwai jika 90 da ke hannun mambobi, ba su kawo ba tukuna. A lissafin samu da kashewa, jika 720 ake rubutawa, domin wannan shi ne haƙƙin ƙungiya na bana, ko ya shigo ko bai shigo ba. Hanyar a taƙaice ita ce: a ɗauki abin da aka karɓa, a cire na bara, a cire na baɗi, a ƙara na bana da ba a biya ba. Jika 690, cire 36, cire 24, ƙara 90, ya ba da 720. Idan adadin da kuka samu ta wannan hanya bai yi daidai da yawan mambobi sau kuɗin shekara ba, to ko dai wani ya shiga ko ya fita tsakiyar shekara, ko kuma akwai resi da ba a rubuta ba.

Saura abu guda. Bashin bara jika 48 ne, an biya 36, ina sauran 12? Na wani mamba ne da ya ƙaura tun ƙarshen bara, an cire sunansa, kuma biro ya yarda ba za a ga kuɗin ba. Tunda mun ƙirga su cikin dukiya a farkon shekara, dole yanzu mu rubuta su a matsayin asara. Ba ma'aji ne zai share irin wannan bashi shi kaɗai ba. Biro ne ke yanke shawara, a rubuta cikin takardar zama, don kada gobe a ce ya karɓa ya ci.

Mataki na huɗu: a mai da kowace kashewa shekararta

Hayar ɗaki jika 15 ce a wata, shekara ta kama jika 180. Ma'aji ya biya 195 saboda ya haɗa da Disambar bara. Wancan wata na bara ne, sai a cire shi, a rubuta 180.

Mai gadi kuwa akasin haka ne. Albashinsa jika 20 ne a wata, an biya shi wata 11, jika 220. Na Disamba bai karɓa ba, amma ya kwana yana gadi, ƙungiya ta ci moriyar aikinsa. Don haka jika 240 ake rubutawa, sauran jika 20 su tafi bilan a matsayin bashi.

Wuta da ruwa, an duba faktir an ga duk na bana ne kuma an biya, sai a bar su jika 72. Gudummawar mambobi ita ma jika 210 ba canji.

Wasan salla an fi so a haɗa shiga da fitarsa wuri ɗaya a nuna sakamako kawai. An samu 180, an kashe 130, ya bar jika 50. Amfanin haka shi ne mambobi su gani da idonsu ko wahalar wasan tana biyan kanta. Da an watsa adadin cikin sauran layuka, wasan da ke cin kuɗin ƙungiya zai iya ɓuya shekara da shekaru.

Sai kuma kashewar da ba ta da resi, wato tsufan kaya, abin da masu lissafi ke kira amortisman. Duk wanda ya taɓa ba da hayar kujerar roba ya san abin da rana da jifa cikin amalanke ke yi mata. Ƙungiyar misalinmu ta yanke cewa kayanta shekara biyar suke yi. Tsofaffin da aka saya jika 500, kowace shekara suna cin jika 100. Sabbin da aka saya jika 250 a watan Janairu, kowace shekara jika 50. Jimla jika 150 a bana. Ba wanda ya karɓi waɗannan kuɗi, amma kujerun sun rage daraja da gwargwadon haka, kuma ran da suka karye duka, sai an nemo kuɗin sayen wasu. Shekara biyar ɗin ƙiyasi ne, wata ƙungiyar za ta ce huɗu. Abin da ba a so shi ne a riƙa canza adadin kowace shekara don lissafi ya yi kyau.

Ga lissafin samu da kashewa

Samu:
Kotizasiyon na bana: jika 720
Hayar kujeru da tantuna: jika 260
Rarar wasan salla: jika 50
Jimla: miliyan 1 da jika 30

Kashewa:
Hayar ɗaki: jika 180
Albashin mai gadi: jika 240
Wuta da ruwa: jika 72
Gudummawar mambobi: jika 210
Tsufan kaya: jika 150
Bashin da aka yafe: jika 12
Jimla: jika 864

Bambancin jika 166 ne. Ba a kiransa riba, domin ƙungiya ba kanti ba ce, rara ake cewa. Da kashewa ce ta fi yawa, sai a ce giɓi. Kun ga ke nan, kes ya ce 303, amma abin da shekarar ta ƙara wa ƙungiya jika 166 ne kawai.

Ga bilan na 31 ga Disamba

Dukiya:
Kujeru da tantuna (400, ƙara 250, cire 150): jika 500
Kotizasiyon da ake bin mambobi: jika 90
Kuɗi cikin kes: jika 303
Jimla: jika 893

Bashi da tushen dukiya:
Rancen dattijo: jika 100
Kotizasiyon na baɗi da aka karɓa: jika 24
Albashin mai gadi na Disamba: jika 20
Tushen dukiya (583, ƙara rarar 166): jika 749
Jimla: jika 893

Gefe biyu sun yi daidai. Wani zai tambaya don me kuɗin ƴan ci-rani suka zama bashi, alhali ba za a mayar musu ba. Dalili shi ne ƙungiya ta karɓi kuɗin shekarar da ba ta zo ba, kuma har yanzu tana da alhakin yi musu hidimar wannan shekarar. In an shiga Janairu, sai su tashi daga bashi su koma samu.

To, a raba ko kada a raba?

Yanzu muna iya ba mai tambaya amsa da takarda a hannu. Cikin jika 303 na kes, jika 144 na wasu ne: 100 na dattijo, 20 na mai gadi, 24 na baɗi. Saura jika 159. Idan ƙungiya tana son ta iya sake kujerunta ran da suka ƙare, ya kamata ta ajiye jika 150 na tsufan bana a gefe. Abin da ya rage na walwala jika tara ne, ba ɗari uku ba. Da an raba jika biyar-biyar, da jika uku za a shiga sabuwar shekara, ga mai gadi a bakin ƙofa, ga mai ɗaki yana jiran hayar Janairu.

Ita kanta rarar jika 166, fiye da rabinta a takarda take. Jika 90 suna aljihun mambobi. In ba su biya ba, rarar gaskiya jika 76 ce. Shi ya sa duk wanda aka miƙa wa bilan, ya fara kallon layin bashin mambobi ya gwada shi da na bara. A nan ya tashi daga 48 zuwa 90, kusan ninki biyu cikin shekara ɗaya. Wannan layi shi ya kamata ya ci lokacin taro, ba zancen rabo ba.

Akwai kuma batun doka. A Nijar, dokar da ta tsara ƙungiyoyi ita ce mai lamba 84-06 ta ranar 1 ga Maris 1984, kuma ƙungiya irin wannan ana kafa ta ne don wata manufa, ba don raba riba tsakanin mambobi ba. Rara tana komawa cikin aikin ƙungiya. Sannan ƙasashen OHADA, waɗanda Nijar ke cikinsu, sun amince a Yamai cikin Disambar 2022 da tsarin lissafi na musamman ga ƙungiyoyin da ba na neman riba ba, mai suna SYCEBNL, wanda ya fara aiki ranar 1 ga Janairu 2024. Ya tanadi hanya mai sauƙi ga ƙananan ƙungiyoyi. Wadda ke da rajista, balle mai karɓar tallafi daga waje, ta nemi kwantabul ya nuna mata fasalin takardun da ya shafe ta.

Idan bilan ya ƙi daidaita

Kada a cika giɓin da wani adadi na ƙarya don a wuce wurin. Bambancin da kansa yakan nuna inda kuskure yake. A fara neman layi mai adadi daidai da bambancin, wataƙila an manta shi gefe guda. In babu, a raba bambancin biyu a nemi rabin, domin abin da aka sa a gefen da ba nasa ba yakan fito ninki biyu. Misali, da an sa jika 24 na baɗi cikin dukiya, bambancin zai zama 48. In kuma bambancin yana rabuwa da tara ba saura, a duba ko an juya lambobi, kamar a rubuta 27 maimakon 72, wanda ke ba da 45.

Amma mu ja kunne, daidaituwar bilan ba shaida ba ce cewa komai daidai ne. Da an sa rancen jika 100 cikin samu aka cire shi daga bashi, rara za ta zama 266, kuma gefe biyu za su daidaita lafiya lau. Haka da an manta albashin mai gadi na Disamba gaba ɗaya, a kashewa da a bashi, ba abin da zai nuna. Irin wannan kuskure ba lissafi ke kama shi ba, tambaya ke kama shi. Mambobi biyu da ba sa cikin biro, waɗanda taro ya zaɓa don bincike, su ƙirga kes da hannunsu, su shiga ɗaki su ƙirga kujeru, su tambayi mai ɗaki da mai gadi da dattijon ko ana bin ƙungiya wani abu, sannan a karanta sunayen masu bashin kotizasiyon kowa ya tabbatar da nasa. Sau da yawa a nan ne wani zai fito da resi ya ce ai ya biya tun watan azumi.

Ga ma'ajin da ke shirin taro cikin makonnin nan, abin da zai tanada kafin ya zauna lissafi guda huɗu ne: littafin kes, littafin mambobi, jerin kayan ƙungiya da farashin da aka saye su, da jerin duk wanda ke bin ƙungiya bashi a farkon shekara da ƙarshenta. In ƙungiyarku ba ta taɓa yin bilan ba, ku fara da na ƙarshen wannan shekara ko da ƙiyasi ne, taro ya amince da shi, shi zai zama mafarin lissafin baɗi. Allah ya ba ma'ajanmu ikon riƙe amana, ya sa a tashi taro lafiya.